Kyauta ko ta biya: lissafin wata kafin a haɗa aikin otomatik

Mu da ke ɗan taɓa aikin ordinata muna haɗa wa ƴan kasuwa abubuwa a Maraɗi da Damagaram, tambaya guda ce ke yawan dawo mana: wannan abin da ke aiki da kansa, nawa zai ci a wata? Da yawa sun ji an ce Make da Zapier suna da tsarin kyauta, sai su ɗauka magana ta ƙare. Kyautar gaskiya ce, amma da awo take, kuma kowane kamfani da irin tiyarsa. Wanda bai san girman tiyar ba, ba zai iya cewa ko hatsin zai kai shi ƙarshen wata ba.

Mu ɗauki misalin mai kilishi da ke karɓar komand goma a rana, wato 300 a wata. Kiliyan yana cika fom a wayarsa, bayanin ya faɗa cikin Google Sheets. Daga nan ana son abu biyu su faru ba da hannun kowa ba: saƙo ya tafi Telegram wajen ɗan kabu-kabun da ke kai kaya, sannan a rubuta cinikin a littafin lissafi. Aiki biyu sau 300, ya zama 600. Tsarin kyauta na Make yana ba da 1.000 a wata, abin da a da suke kira operations, yanzu kuma credits. Mutum ya ga 600 a gaban 1.000, sai ya ce to alhamdu lillahi, har da saura.

Ba a sa kuɗin leƙe ba. Make sai ya je ya duba ko sabon layi ya shigo, kuma kowane leƙe ana cire ɗaya, ko ya tarar da komand ko bai tarar da komai ba. Kamar ka aiki yaro tasha ya duba ko saƙo ya iso: ko ya dawo hannu rabbana, kuɗin mai ya riga ya fita. A tsarin kyauta mafi saurin leƙe shi ne duk minti 15. Sau huɗu a awa, sau 96 a kwana, sau 2.880 a kwana talatin. Ba a sayar da ko tsinke ɗaya ba, leƙe kaɗai ya kusa ninka kyautar sau uku. In an haɗa da 600 ɗin nan, wata ya tashi 3.480, kuma kafin kwana tara su cika abin ya tsaya.

Gyaran yana cikin agogo. In aka mai da leƙen sau ɗaya a awa, dare da rana, ya zama 720, jimla 1.320, har yanzu an zarce. In aka ce ya leƙa sau goma sha biyu kawai a yini, daga buɗe shago zuwa rufewa, ya zama 360, jimla 960. An shiga, amma da ƙyar, kuma kiliyan na iya jira awa guda kafin a san da shi. Abin da mu muka fi so shi ne webhook, in fom ɗin yana da shi. A nan ba leƙe, fom ɗin ne ke ƙwanƙwasa ƙofa lokacin da komand ta shigo, a cire ɗaya. Kowace komand uku kenan, wata 900, kuma saƙon yana tafiya nan take.

To 900 cikin 1.000 lafiya lau ne a watan da kasuwa ke kwance. Amma wa ke sayar da kilishi bai san goman ƙarshe na azumi ba? A ce kwana ashirin na farko an yi goma-goma, an ci 600, saura 400. Sai komand ta hau 25 a rana, wato 75 ake cirewa kullum. Kwana biyar an ci 375, a na shida da safe ragowar ta ƙare, ana saura kwana huɗu Salla. Kuma ba ƙararrawa za ta buga a shago ba. Saƙon gargaɗi yana zuwa imel, wanda mafi yawanmu ba ma buɗewa sai in muna neman lambar sirri. Alamar da ake fara gani ita ce ɗan kabu-kabu ya zauna tun hantsi wayarsa shiru, alhali layuka suna ta ƙaruwa a Google Sheets. Shi ya sa muke cewa a yi lissafi da watan da ya fi cika, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda gwaji, don shi ma gwajin ana cire shi.

Tiyar Zapier daban take. Leƙe ba ya cin komai, aikin da aka gama kawai ake ƙirgawa, suna ce masa task. Sai dai kyautarsu 100 ce a wata, kuma kowane jeri mataki biyu ne kacal, abin da ya faru da aiki guda, don haka mai kilishinmu sai ya haɗa jeri biyu. Yana cin 20 a rana. Kwana biyar an gama. Ga wanda ke samun komand biyu ko uku a rana da aiki guda, wannan ya wadatar, har ya fi sauƙin sha'ani tunda ba ruwansa da agogo.

Sai kuɗi. Farashin da dalar Amurka yake, ba dalarmu ta sefa biyar ba, kar wani ya ji dala goma ya miƙo hamsin. Ƙaramin tsarin biya na Make yana wajen dala 10 zuwa 11 a wata da 10.000, na Zapier kuma wajen dala 30 da 750 in wata-wata ake biya. Suna sauya farashi, a duba shafinsu ranar da za a biya. In mun ɗauki dala a sefa 600, na farko ya kama kusan 6.500, jikka shida da rabi, na biyu jikka goma sha takwas. Raba da komand 300: sefa 22 ke nan a kan kowace komand a ɗaya, sefa 60 a ɗayan. Lambar da suke sawa da manyan haruffa galibi ta mai biyan shekara ce gaba ɗaya, ta fi araha a wata amma sai an zube fiye da jikka sittin a tashi guda ko a na Make. Kuma biyan da katin banki ne irin Visa, banki na da nasa kaso kan canjin kuɗi, a tambaya a sa shi cikin lissafin.

Inda muke yanke hukunci shi ne a ajiye 6.500 ɗin kusa da ribar komand. In kowace tana barin jikka guda, komand bakwai da suka ɓace sun biya watan har da canji, kuma a misalin Salla abin da ke cikin haɗari komand ɗari ne. Ba lallai a yi ta biya duk shekara ba. Mai 900 a wata zai iya zama a kyauta yawancin lokaci, ya biya wata-wata a azumi da gabanin Layya, sannan ya sauko. Wanda kuma watansa na yau da kullum ya wuce 1.000 ko bayan an gyara agogo, gara ya biya, don lokacin da zai ɓata yana kashe jeri yana kunnawa ya fi jikka shida da rabi tsada.

Wanda ke son mu duba masa, ya kawo lamba uku: komand nawa a ranar da ta fi cika, aiki nawa ake yi wa kowace, da kuma minti nawa kiliyan zai iya jira.