Shafin Ajami Da Muka Mayar Larabci A Zauren Baffa

Danginmu kashi biyu ne. Wasu suna Kano, wasu kuma suna Sudan tun zamanin da jama'a suka bi hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a gaɓar Nilu. Jikokinsu suna jin Hausa, amma karatunsu na Larabci ne, ajami kuwa ya kuɓuce wa da yawa daga cikinsu. Ina saurayi wani alhaji ya dawo mana da hoton shafi guda na wasiƙar da kakanmu ya aika wa ƙaninsa can, tare da roƙon a mayar musu da ita Larabci. Aikin ya faɗa hannun Baffana, Allah ya jiƙansa, ni kuma na zama mai riƙe masa alƙalami.

Har yau ina jin ƙamshin zauren nan, na tawada da tsofaffin gafakoki. Hoton baƙi da fari ne, kuma nan wahalar ta fara. Kaka ya rubuta baƙaƙen da baƙar tawada, wasullan da ja, sai jan ya fito dishi-dishi. Ga kashin ƙuda da tabon takarda, waɗanda a hoto ba su da maraba da ɗigo. A ajami kuwa ɗigo ba abin wasa ba ne. Rubutunmu na Magaribi ne: fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama. Wanda ya saba da bugun Masar, in ya ga ɗigo ɗaya a sama sai ya karanta fa, ƙari ya koma masa fari. A wasiƙar da ke zancen goro, inda ake da fari da ja, wannan kaɗai ya isa ya juya ciniki. Rufu'a ɗaya ce kuma take ɗaukar o da u, don haka kora da kura kamanninsu ɗaya, sai zancen ya raba su.

Saboda haka Baffa bai yarda a taɓa Larabci ba sai da na kwafe shafin da hannu mai kyau, na karanta masa da ƙarfi har ya ji muryar mahaifinsa a ciki. Sannan ya miƙo mini jar tawada ya ce, “Ɗana, yanzu sai mu raba baƙi da 'yan gida.”

Kashi uku ya yi wa kalmomin. Na farko Larabci ne tsantsa, irin bisimilla da gaisuwar buɗe wasiƙa da amma ba'adu. Waɗannan ba a fassara su, ɗauka ake yi a ajiye yadda suke. Na biyu Hausa ce ta gado, kamar gida da ruwa da ci da tafi. Su ma ba su da rikici, don mutum ya san dole ya nemo musu takwara. Kashi na uku, kalmomin da Hausa ta ara ta riƙe har suka zama nata, su ne ya sa na ja wa layi a ƙasa, kuma a kansu muka fi daɗewa.

Ya koya mini alamomin gane su. Akwai al ta Larabci da ta manne wa kalma, wani lokaci a fili kamar alƙalami da alƙali, wani lokaci ta lanƙwashe ta bar lam kaɗai, kamar littafi da labari da lahira da lafiya. Akwai baƙin da muke kira lodi, wanda bakinmu ya mayar lam, shi ya sa ƙadi ya zama alƙali, wudu'i ya zama alwala. Akwai kuma hannun marubucin kansa, domin malami irin Kaka yakan rubuta kalmar aro da baƙaƙenta na asali, sai ka ga baƙi irin sodi, wanda ba shi da aiki a kalmar gado. Amma Baffa ya gargaɗe ni kada in ruɗu da ɗa mai hannu da ƙaf da angai, don ajami ya ba su aikin ɗ da ƙ da g, ganinsu ba hujja ba ce. Haka kuma kama ba aro ba ne. Mutu ta yi kama da mata ta Larabci, amma Baffa ya ce mutu tamu ce, bai ja mata layi ba. Daga baya na karanta cewa masana harsuna suna ɗaukar su 'yan kaka ɗaya, ba wadda ta ara wurin wata. Kasuwa kuwa ba ta da ko alama ɗaya, alhali asalinta suƙ ne, ta biyo ta bakin Barebari kafin ta iso mu.

Layi guda a tsakiyar shafin shi ne ya nuna mini dalilin duk wannan taka-tsantsan. Kaka yana ba da labarin wani maƙwabcinsu, ya ce attajirin nan ya ci riba a goro bana, ya ciyar da almajirai, ba shi da alhakin kowa. Kalmomi huɗu ke da jan layi, kuma duk huɗun, in aka mayar da su gidan da suka fito ba tare da tunani ba, sai su yi ɓarna.

Attajiri daga tajir take, wato ɗan kasuwa, amma a bakin Bahaushe mai dukiya take nufi, ko bai taɓa kasa kaya ba. Baffa ya rubuta ganiyyi. Riba ita ce ta fi haɗari. Ribar ciniki daga ribhu take, ribar bashi da aka haramta kuwa daga riba, kuma Hausa tana raba su da tsawon wasali da karin murya. Baffa ya kai hoton bakin ƙofa, ya nuna mini ya bayan ra, alamar an ja wasalin, wato halattacciyar ce. Da an bi kalma da kalma an rubuta akala riba, da an jingina wa bawan Allah babban zunubi a idon jikokin ƙanin Kaka. Rabiha ya sa na rubuta, ci ɗin ma ya ɓace, don Larabci ba ya cin ribar ciniki. Almajirai daga muhajir take, amma ga mutanen da kakanninsu suka yi hijira ta gaske, kalmar za ta iya kai hankalinsu wani wuri, sai ya ce a rubuta ɗaliban Alƙur'ani. Alhaki kuma daga haƙƙu take, abin da mutum ya cancanta, alhali a Hausa nauyin zalunci ne da ke wuyan mutum. Mazlama ya zaɓa mata.

Da muka gama, ya sa na haɗa wata 'yar takarda daban mai layi uku: kalmar yadda Kaka ya rubuta ta, asalinta na Larabci, da abin da take nufi a Kano. Ya ce 'yan'uwanmu suna da haƙƙin su ga dalilin da ya sa ba mu mayar musu da kalmominsu yadda suka san su ba. A ganina wannan takardar ta fi fassarar kanta daraja, domin da ita mutum zai iya komawa kan hoton ya bi sawunmu, ya yarda ko ya ƙi.

Ina kewar irin wannan zama, da malaman da suka san harsunan biyu har suka san inda ɗaya ya rabu da ɗaya. Irinsu suna ta raguwa, takardun kuwa suna nan jibge a adakoki da gafakoki. Wanda yake da irinsu a gida, don Allah ya ɗauki hotonsu mai launi a cikin hasken rana, yadda jan wasali zai fito, ya kai wa dattijon da ya saba da hannun mutanen da, ya karanta masa da baki tun yana raye.