Abin da kunnen mai makoki ke iya ɗauka

'Yan'uwa, tun da muka tashi daga zaman makokin mijin gwaggona nake jujjuya wata mas'ala a raina, wadda ban taɓa jin an tattauna ta a zaure ko a makaranta ba, alhali kuwa kusan kowane gida yakan ci karo da ita a wannan zamani da kowa ke riƙe da waya cike da waƙoƙi: shin wace murya ce ta dace a saki a gidan da aka yi rashi, idan dare ya yi, masu gaisuwa sun ragu, shiru ya fara yi wa masu gida nauyi?

Kowa ya sani, a al'adarmu ba a kiɗa a gidan mutuwa, kuma shari'a, ko da yake ta yarda ido ya zubar da hawaye zuciya ta yi baƙin ciki, ta hana kururuwa da yagar tufafi da ƙirga alheran mamaci cikin ihu, abin da malamai ke kira niyaha. Amma tsakanin kalangu da shirun kabari akwai fili mai faɗi, wanda iyayenmu mata suka daɗe suna cikewa da bege da ƙasidu, suna rerawa ƙasa-ƙasa a bakin murhu ko a ɗakin mai takaba, ba tare da wani ya ce sun yi laifi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, marsiyya ta yi masa, haka kuma ta yi wa wasu makusantanta; ashe ke nan rarrashin zuciya da baiti ba baƙon abu ba ne a gidajen ilimi.

To, ga abin da ya faru a wurinmu. A dare na biyu, wani yaro daga cikin jikoki, da kyakkyawar niyya, ya jona wayarsa da 'yar lasifika a tsakar gida, ya saki wata waƙar wa'azi da ke siffanta fitar rai, da matsin kabari, da tambayar Munkar da Nakir, da guduma, da ƙunar wuta, baiti bayan baiti. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, kuma da a ranar kasuwa aka saka ta ga mai tauye mudu, da ta yi amfani. Sai dai gwaggo, wadda jiya-jiya aka fita da abokin zamanta na shekara arba'in, ba kanta take hangowa a cikin baitocin ba, shi take hangowa kwance shi kaɗai, na ga ta saki carbin da ke hannunta, numfashinta ya riƙa sarƙewa, har wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Kai ɗan nan, kashe abin nan, ba ka ga halin da kakarka ke ciki ba?" Da aka kashe, tsohuwar ta matsa kusa da ita, ta soma rera Ishiriniya a hankali da karin nan da mata ke yi a watan Mauludi, kuma kafin ta ƙare harafi guda, gwaggo ta ɗauki carbinta, leɓɓanta suna bin amshi.

A nan na fahimci cewa waƙoƙinmu na addini, waɗanda mukan tara su a buhu ɗaya, a haƙiƙa kashi biyu ne, kamar yadda malaman zuhudu suka raba tafiyar bawa tsakanin haufi da raja'i, wato tsoro da kyakkyawan fata. Waƙar tsoratarwa an yi ta ne domin gafalalle ya farka, shi kuwa mai makoki ba gafalalle ba ne, domin mutuwa da kanta ta riga ta yi masa wa'azin da babu mai wa'azin da zai kai ta. Abin da yake bukata shi ne ɗaya ɓangaren: ambaton rahama, da ceton Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ladan haƙuri, da fatan saduwa a gidan da babu rabuwa. Shi ya sa madahu ya fi komai dacewa, ko Ishiriniyar Alfazazi ce, wadda aka jera bisa haruffan Larabci da baiti ashirin ga kowane harafi, ko Burdar Busiri, ko kuwa begen Hausa da murya ɗaya. Waƙar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, sunanta ma yayewar ƙunci yake nufi, kuma kunnen Bahaushe ya saba da karinta. Amma doguwa ce mai sassa da yawa, akwai na yabon Annabi, akwai kuma na gargaɗi mai zafi, saboda haka wajibi ne mai sakawa ya saurari sashen tun daga farko har ƙarshe shi kaɗai kafin ya sake shi ga jama'a.

Sauran sharuɗɗan ƙanana ne, amma su ke ɓata abu. Kada a saka komai ranar jana'iza, kuma kada a saka sai da izinin babban gida, domin akwai gidajen da ba su yarda da ƙasida a makoki ba sam, kuma gidan mutuwa ba wurin jayayyar malamai ba ne. A zaɓi wadda ba ta da fiyano ko mandiri, a sauke ta a waya tun da wuri, a rufe layi, don kada talla ko kiran wani ya faɗo a tsakiyar baiti. Ma'aunin ƙara kuwa mai sauƙi ne: idan mai shigowa ya ce "Ya haƙuri?" har aka bukaci ya maimaita kafin a ji shi, to lasifikar ta yi yawa. Minti goma sha biyar ko ashirin bayan sallar isha'i sun wadatar, sannan a bar shiru ya dawo. Karatun Alƙur'ani, wanda ya fi dukkan waɗannan daraja, yana da nasa haƙƙi, domin an umarce mu da yin shiru mu saurara idan ana karanta shi. Ba daidai ba ne a sake shi yana ta yi alhali ana rabon tuwo ana lissafin waɗanda ba su zo gaisuwa ba.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama masu tausayi, wato saka waƙar da mamacin ya fi so. A kwana ukun farko wannan fama rauni ne. Mun jarraba a rana ta arba'in, da gwaggo ta nema da bakinta, sai ta yi kuka mai sanyi, ta ƙare da murmushi tana ba mu labarin yadda yake ɓata karin idan yana bi. Maƙwabtanmu Kirista ma, na lura, a nasu zaman sukan karkata ga Zabura ta 23 da waƙoƙin ta'aziyya masu taushi, ba ga ambaton hukunci ba.

Idan har a gidanku akwai tsohuwar da ta haddace bege, don Allah ku ajiye wayar ku roƙe ta ta rera, domin ita tana kallon fuskar mai makoki, ta san inda za ta sassauta da inda za ta tsaya. Wanda ya karanta wannan kuma, ya sa mijin gwaggona a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu bayan nasa.