Ƙurajen Da Ba Na Ƙyanda Ba

Mu mazauna Kilomita Biyar a nan Bangui mun saba da tebur na masu sayar da ƙwayoyi, tun daga bakin kasuwa har kusa da Masallacin Koudoukou. Da jiki ya yi zafi sai mu aika yaro ya sayo Fansida ko Baktirim. Galibi ana warkewa, amma akwai wanda maganin kansa ke zame masa cuta, kuma kamanninta na ruɗar mu.

Ga yadda takan zo. A ce magidanci ya fara shan Baktirim saboda tari. Bayan kwana goma sai zazzaɓi ya rufe shi, maƙogwaro na ciwo, idanu sun yi ja suna raɗaɗi. Nan take mu ce zazzaɓin cizon sauro ne, mu ƙara masa Fansida, alhali kuwa su biyun dangi ɗaya ne, wato dangin salfa. Kwana biyu a gaba sai tabo jajaye masu duhu a tsakiya su fito a fuska da ƙirji, leɓɓa su tsattsage su yi ɓawon jini, baki ya cika da gyambo har ruwa ya gagara haɗiya. Sai tsofaffi su ce ƙyanda ce, a rufe shi a ɗaki.

To, ƙyanda ba ta yin ƙuna irin wannan. A nan fatar na zafi tamkar an zuba tafasasshen ruwa, tana yin bororo, in an ɗan goga da yatsa sai ta saluɓe. Likitoci biyu, Stevens da Johnson, sun bayyana cutar a 1922, Lyell kuma ya bayyana mafi tsananinta a 1956. Ana auna ta da tafin hannun majinyacin, wanda ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na fatarsa. In saluɓewar ta wuce tafi 30, kusan mutum ɗaya cikin uku kan rasu, domin ruwan jiki na tsiyayewa ta wurin, ƙwayoyin cuta kuma na samun ƙofar shiga jini. Wanda ya tsira ma yana iya rasa gani in ba a kula da idanunsa da wuri ba.

Saboda haka ba mu jiran gari ya waye. A dakatar da maganin, a kai shi asibiti a ranar, tare da kwalayen duk abin da ya sha cikin wata biyu, domin cutar kan ɓullo ne tsakanin kwana 4 da 28 da fara sabon magani, wani lokaci ta fi haka jinkiri. Kada a fasa bororon, kada a shafa toka ko man kaɗanya. Maganin farfaɗiya irin su Tegiretol da Gardenal ma na jawo ta, kuma mai shan su ya fi kowa bukatar ganin likita a ranar don a sauya masa wani, kada farfaɗiyar ta taso.

In Allah ya ba shi lafiya, a rubuta sunan maganin a katinsa na asibiti, iyalinsa duka su haddace shi, domin in ya sake sha cutar na iya dawowa cikin sauri.