Ranar da Malam ya koma ɗalibi

Labarin kakanmu muka kawo muku a wannan makon, kuma sai da muka nemi izininsa kafin mu rubuta. Ya ce mu rubuta, amma kada mu ɓoye kurakuransa, domin a cikinsu darasin yake.

A gidanmu na Fagge kowa Malam yake ce masa, har mu jikokinsa. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi a firamare kafin ya yi ritaya. Duk wata idan fansho ya shigo, sai ya sa hularsa, ya taka zuwa Bata, ya shiga banki, ya cike takarda da kyakkyawan rubutunsa, ya karɓo kuɗinsa a hannu. Yakan ce kuɗin da bai ƙirga da yatsunsa ba, ba kuɗi ba ne.

Sai ga canjin kuɗi ya zo. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Disambar 2022, kuma a watan Fabrairun 2023 takardar kuɗi ta yi wuyar samu a ko'ina. Duk wanda ya bi ta Bata a lokacin ya ga layin mutane a ƙofar bankuna tun da asuba. Kwana biyu Malam yana zuwa yana dawowa hannu rabbana. A rana ta biyu ya dawo ƙafafunsa a kumbure, ga maganin hawan jininsa saura ƙwaya huɗu. Kuɗinsa na cikin asusu, amma ba shi da hanyar taɓa su.

A daren nan Yayarmu, wadda take aji biyar na sakandare, ta zauna kusa da tabarmarsa. Ita ce yake tsokana da suna amarya.

Ta ce, "Malam, ka bari in saka maka manhajar banki a wayarka. Mai kemis yana karɓar tiransifa."

Ya ce, "Amarya, wannan wayar da kawunku ya sayo mini, ko amsa kira sai na shafa sau uku take yarda. Ita zan ba amanar fanshona?"

Bai yarda ba sai da Hajiya, kakarmu, ta ɗora kwalin maganin a gabansa ba ta ce komai ba.

Washegari aka fara karatu. Yaya ta sauke manhajar bankinsa, ta duba sunan bankin da tambarinsa sau biyu, domin ta ce akwai na jabu. Manhajar ta nemi lambar asusunsa, wadda take da alƙaluma goma. Daga nan banki ya aiko da wata lamba ta saƙon waya, wadda ake rubutawa OTP. Sau ɗaya ake amfani da ita, kuma ba ta daɗewa take mutuwa. Kafin Malam ya nemo tabarau, ya buɗe saƙon, ya haddace, ya koma manhajar, lokacinta ya wuce. Sai a karo na uku aka dace, mu muna karanta masa lambar daga saƙon, shi yana dannawa.

Abin da ya fi rikita shi shi ne makullai biyu ne. Akwai kalmar sirri ta shiga manhajar, akwai kuma lambar sirri mai alƙaluma huɗu, wato PIN, wadda ake sawa idan za a fitar da kuɗi. Yaya ta ce masa ta farko makullin ƙofar gida ce, ta biyu makullin akwati. Nan take ya gane. Da zai zaɓi lambar sai ta juya masa baya, ta ce mu ma mu fita tsakar gida. Ta gaya masa kada ya sa shekarar haihuwarsa, kada ya sa 1234, kuma kada ya faɗa wa kowa, ko ita kanta, ko wanda ya kira ya ce daga banki yake. Banki ba ya kiran mutum ya nemi PIN ko OTP ɗinsa.

Da yake malami ne, sai ya ce a ba shi littafi mai shafi arba'in. Ya ja layi da rula, ya rubuta matakan da jan biro kamar yadda yake shirya darasi. Na ɗaya, a kunna data. Na biyu, a shiga manhaja a danna Transfer. Na uku, a zaɓi bankin wanda za a tura wa. Na huɗu, a rubuta lambar asusunsa. Na biyar, a rubuta yawan kuɗin. Na shida, a sa lambar sirri. Lambar sirrin kaɗai ce bai rubuta a littafin ba.

Gwajin farko naira 100 ya tura wa kawunmu. Hannunsa yana rawa, kuma yana danna fuskar wayar da ƙarfi kamar mai buga tambari, sai lamba ɗaya ta fito sau biyu. Mun yi dariya, Yaya ta harare mu. Ta nuna masa ya riƙa taɓawa da cikin yatsa a hankali, ta kuma ƙara girman rubutun wayar. Da kalmar Successful ta fito, bai yi murna ba tukuna. Ya duba ragowar kuɗinsa ya ce an ci shi naira 10 da kwabo 75. Yaya ta ce ladan turawa ne: a lokacin naira 10 ake caja idan kuɗin bai wuce 5,000 ba, kwabo 75 ɗin kuma haraji ne. Ya lissafa a gefen littafi, ya ga ya yi daidai, sannan ya gyaɗa kai.

Kuskuren da ya fi ba mu tsoro ya faru ne a rana ta uku. Muka raka shi kemis ɗin unguwa don sayen maganin naira 6,500. Mai kemis ya nuna masa takardar da ya manna a jikin kanta, mai ɗauke da sunan banki da lambar asusu da sunansa. Malam ya rubuta lambar daidai, amma wajen zaɓen banki yatsansa ya sauka a kan na ƙasa da wanda ake so. Sai wani suna ya fito a ƙarƙashin lambar, sunan wata mata da ba mu taɓa ji ba. Shi bai ma kalli wurin ba, har ya fara sa lambar sirri.

Yaya ta riƙe hannunsa ta ce, "Malam, tsaya! Karanta sunan."

Ya karanta, ya ɗago ya kalli takardar, ya yi salati. Yaya ta bayyana mana cewa idan an yi kuskure, yawanci manhajar takan ƙi nuna suna. Amma wani lokaci lambar takan dace da ta wani mutum a wani bankin. Idan kuɗin suka tafi can, dawo da su sai an je banki an rubuta ƙorafi, kuma yana iya ɗaukar makonni. Sunan nan da yake fitowa shi ne dama ta ƙarshe kafin kuɗi su bar hannunka.

Malam ya yi shiru. Can ya ce, "Shekara talatin da biyar ina ce wa yara su karanta tambaya kafin su ba da amsa. Yau ga shi an kama ni."

Ya gyara bankin, sunan mai kemis ya fito, ya karanta shi da ƙarfi, ya tura. Amma ba a gama ba. Saƙon cire kuɗi ya shigo wayarsa, manhajar kuma ta nuna Pending, mai kemis ya ce shi bai ga alat ba. A kwanakin nan kowa ya koma tiransifa lokaci ɗaya, sabis ɗin bankuna yana ta tsinkewa. Malam ya ce bari ya sake turawa. Yaya ta ce a'a, idan ya sake, duka biyun suna iya tafiya, ya zama ya biya 13,000. Ta buɗe masa wurin tarihin ciniki, ta ɗauki hoton rasit ɗin mai ɗauke da lambar cinikin da lokacinsa. Ta ce ko dai kuɗin su isa, ko su dawo, idan kuwa an kwana an wuni babu ko ɗaya, da wannan lambar za a je banki.

Allah Ya sa mai kemis ɗin tsohon ɗalibinsa ne. Ya miƙo maganin ya ce, "Malam, ka tafi da shi, ai ba a yi da kai haka ba." Malam ya karɓa, amma mun ga fuskarsa ba ta saki ba, domin ya ƙi jinin bashi. A daren nan sau biyar yana kiran Yaya ta duba masa. Da safe bayan sallar asuba saƙo ya shigo, an dawo da kuɗin. Ya sake turawa, wannan karon suka shiga nan take. Yana da 31,200 a asusu, aka cire 6,500 da ladan naira 26 da kwabo 88, ya rage 24,673 da kwabo 12. Kafin ya duba wayar ya riga ya fitar da amsar a takarda.

Da muka koma gida sai ya buɗe littafinsa, ya ƙara mataki tsakanin na huɗu da na biyar, ya ja masa layi biyu: a karanta suna da ƙarfi. A ƙasan shafin kuma ya rubuta: idan ya maƙale, kada a sake turawa, a jira.

Kusan wata biyu ya ɗauka kafin ya daina buɗe littafin. Yaya ba ta taɓa karɓar wayar ta yi masa ba, ko da kuwa muna sauri. Ta ce idan ta danna masa, ita ce za ta iya, ba shi ba. Har yanzu akwai abin da yake gagararsa. Idan manhajar ta sabunta kanta aka sauya wurin maɓallai, sai ya kira amarya. Kuma har yanzu yakan ciro 'yan kuɗi a hannu saboda kuɗin adaidaita-sahu da sadakar Juma'a.

Makon da ya wuce mun raka shi kasuwar Sabon Gari sayen takalmin makaranta. Mai shagon yana ta gaggawa, yana cewa, "Baba, kawo in danna maka." Malam ya matse wayarsa a ƙirji ya ce, "A'a ɗana, karanto mini lambar." Ya rubuta, ya gyara tabarau, ya kira sunan da ya fito kamar mai kiran rajista a aji. Mai shagon ya yi dariya ya amsa, "Na'am, Malam, ni ne." Sai a lokacin ya juya mana baya ya sa lambarsa.