Daga Accra Zuwa Cape Coast Cikin Ruwan Watan Yuni

Jirginmu daga Legas bai wuce awa ɗaya a sama ba muka sauka Accra, na mayar da agogona baya da awa guda. Watan Yuni ne. A Kano lokacin damina ke kama ƙasa, manoma na ta shuka, sai ga shi na iske ta nan ta riga ta kai tsakiya. Mai masaukina a Nima, wani dattijo da aka haifa a can, shi ya fara warware mini lissafin. Kudancin Ghana damina biyu gare su: babba daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Agusta kuwa, da mu ke kira marka, a wurinsu watan sanyi ne da ƙarancin ruwa.

Da na nuna masa takardar wuraren da nake son gani, sai ya ce, "Malam, ja layi a tsakiyar takardar nan. Duk wurin da yake fili, rubuta masa wuri mai rufi a gefensa, amma wanda ke kusa." Ya nanata maganar kusa ɗin. Dalilinsa shi ne, a Accra ba jiƙewa ce babbar matsala ba, hanya ce. Idan ruwa ya yi ƙarfi, kwatamin Odaw kan cika, yankin Circle da Kaneshie su zama tafki, tafiyar minti 20 ta koma awa biyu. Ya tuna mini daren 3 ga Yuni, 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu waɗanda suka fake wa ruwa ne. Ko wurin fakewar ma sai an zaɓa.

Washegari na gwada tsarin a cikin gari. Filin tunawa da Kwame Nkrumah na sa a hagu, gidan tarihin ƙasa da aka buɗe a 1957 na sa a dama, tsakaninsu wajen kilomita biyu. Ina cikin zagaya filin hadari ya taso daga gabas, iska ta juya, kafin ɗigon farko na tare tasi. Ruwan ya kwashe kusan awa biyu, ni kuma ina cikin zaure ina kallon kujerun sarakunan Akan da saƙar kente. Ranar ba ta lalace ba.

Tafiyar Cape Coast kilomita 145 ce ko kusa da haka. Ƙarfe shida na safe na isa tashar Kaneshie, na biya sidi 70 a ƙaramar bas. Da muka wuce Mallam Junction muka doshi Kasoa, sai muka tarar da jan laka da ruwan dare ya gangaro da ita daga tudu ya shimfiɗa a kan titi, motoci na bin layi ɗaya. Nan muka bar kusan awa guda. Daga can hanya ta buɗe: mahaɗar Winneba, Mankessim, itatuwan kwakwa, masu abarba a bakin titi, teku na leƙowa ta hagu. Tafiyar da ake cewa awa uku ta ci mana huɗu. Na sauka bayana a sage, na kuma gane cewa a damina ba a sa wani abu mai ƙayyadadden lokaci a ranar da aka yi doguwar hanya.

Abin da ya kawo ni shi ne gandun dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da garin, inda aka ɗaura gadoji bakwai na igiya a tsakanin manyan itatuwa, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, a wasu wurare kusan mita 40 daga ƙasa. Wannan fili ne tsantsa. A gefensa na rubuta gidan bayi na Cape Coast da gidan tarihin da ke cikinsa. Na yi ciniki da wani mai tasi kan sidi 300, zuwa da jira da dawowa, amma da sharaɗi: ƙarfe shida da rabi zai zo, mu dubi sama tare, sannan mu yanke inda za a fara. Ban ba shi kafin alƙalami ba. Wannan sharaɗin shi ne ƙashin bayan tsarin, domin wanda ya riga ya biya kuɗi yakan tilasta wa kansa shiga ruwa don kada kuɗin ya tafi a banza.

Da safe gari ya waye da yayyafi mai laushi, sama fara fat, babu rugugi. Direban ya ce, "Alhaji, irin wannan ba ya hana komai. Wanda ake tsoro shi ne baƙin hadari mai iska da tsawa." Muka bi ta Pedu muka kama hanyar Jukwa, cikin minti 50 muka isa. Daga wurin sayen tikiti zuwa gadar farko hawa ne na kusan minti 20 a kan matakalar duwatsu, kuma jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi. Mai silifa ya sha wuya. Laima ma ba ta da amfani a can sama, tunda hannu biyu na kan igiya. Rigar leda ake so. Ina tsakiyar gada ta uku, tana lilo, na dubi ƙasa na ga hazo na tashi daga ganye, gabana ya faɗi, na yi ta salati har na haye.

Muna saukowa wajen goma da rabi aka yi tsawa ta farko. Ayarin da ke bayanmu aka dakatar da su a rumfar baƙi, inda akwai ɗan zauren nuni kan dajin da wurin cin abinci. Bambancinmu da su awa ɗaya ce kacal ta sammako.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne zafin bayan ruwa. Wajen ƙarfe ɗaya rana ta buɗe. Wayata ta nuna digiri 29, adadin da ɗan Kano mai shan 40 a Afrilu zai raina, amma iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa, jiki kuma ba ya hucewa. Tamkar mutum ya tsaya kan tukunyar dambu. Sai na gane layin dama na takardata ba na ruwa kaɗai ba ne, har da na azahar.

A nan kuma na ga iyakar dabarar. Gidan bayin, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979, rabinsa fili ne: farin tsakar gida mai ƙyalli da ganuwar da aka jera igwa. Kurkukun da ke ƙasa rufe yake, amma babu iska, kuma ba wurin hutawa ba ne. Mutum na tsaye inda aka cusa ɗaruruwan bayin Allah cikin duhu, numfashi ma da ƙyar. Na fito jikina a mace. Don haka na raba ziyarar: sallah da abinci a kusa da kasuwar Kotokuraba, gidan tarihin da ke bene har zuwa uku, sannan zagayen ganuwa bayan iskar teku ta taso. Gidan bayin Elmina, da Turawan Portugal suka gina a 1482, yana da nisan kilomita 13 kawai, amma na bar shi sai wata safiyar.

Mai niyyar zuwa wannan gaɓar tsakanin Mayu da Yuli, ya tambayi lokacin buɗewa da rufewar kowane wuri mai rufi tun ana gobe zai je, ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya kuma bar rana guda babu komai a cikinta kafin jirginsa na komawa gida.