Ranar da Baffa ya sauka daga kan darduma

A al'ada, dangin namiji ne ke takawa gidan yarinya ranar baiko. Namu ya zo a juye. Ruwan Agusta ya rusa zauren iyayen budurwar Yayana, ga baffanninta sun riga sun taso daga Gumel, sai aka ce a zauna a zaurenmu. Ni aka ba aikin raba ruwa, shi ya sa na ji komai.

Tsoron manyanmu ɗaya ne: kada baƙin su ji kamar su suka kawo 'yarsu talla. Baffa, ƙanen mahaifinmu kuma wakilin Yaya, shi zai yi magana.

Kafin ya buɗe baki ya sauka daga kan darduma, ya zaunar da waliyyin yarinya a kai, shi ya koma tabarma. Bayan sallama da salati ya ce, "Alhaji, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Zauren nan yau naku ne, aro muka ba ku. Mu ne baƙi, roƙo muka zo."

Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Sannan ya faɗi wanda ya aiko shi, domin uban yaro ba ya nema wa ɗansa aure da bakinsa.

Da ya zo kan Yaya na zaci zai zuba yabo. Ina! Cewa ya yi, "Yaronmu gyaran waya yake yi a Farm Centre. Ba shi da albashi, ɗaki biyu ya kama haya. Yana da saurin fushi, amma ba ya kwana da shi. Ku bincika, kada ku tsaya kan maganata." Wallahi sai da kofi ya kusa suɓuce mini.

Daga nan aka tura musu goro ƙwarya biyu, wato guda 200, da alawa da kuɗin gaisuwa. Baffa bai yanka sadaki ba, bai ambaci rana ba. Ya ce, "Wannan bakinku ne, Alhaji. Mu namu sauraro."

Waliyyin ya daɗe shiru, sannan ya ce sun riga sun bincika, kuma da an ɓoye musu zancen fushin nan da sun nemi a ba su lokaci. Ya ce sun ba mu, ya sa rana bayan Babbar Salla. Aka shafa Fatiha, aka raba goro.

Da dare na tambayi Baffa me ya sa ya tona Yaya a gaban surukai. Ya ce, "Idan rigima ta tashi gobe, ba wurin yayanka za su je ba. Wurina za su zo su ce, Malam, me ka faɗa mana a zaure?"