Harafin C Da Ke Cinye Maki A Kalkulas

Duk lokacin da aka mayar da takardun gwajin kalkulas a aji ɗaya na jami'a, akwai ƙorafin da ba a rasa ji. Wai malami ya cika tsanani: mutum ya yi aiki layi bakwai babu kuskure ko ɗaya, amma don bai rubuta + C a ƙarshe ba, an zagaye amsar da jan biro an zare maki. Mu da muka wuce wannan ajin, muke kuma zama da ƙannenmu 'yan aji ɗaya da 'yan sakandare masu shirin WAEC da NECO muna bitar darasi, mun ji wannan kukan har ya zame mana jiki. Ra'ayinmu dai shi ne malamin yana da gaskiya, kuma ba ƙa'idar banza yake karewa ba. Amsar da babu C ta faɗi abin da ba haka yake ba.

Bari mu fara daga asusu. A ce an gaya maka wata yarinya tana jefa naira 500 a asusunta kullum, har kwana 10. Nawa ne a cikin asusun yanzu? Mai gaggawa zai ce naira 5,000. Amma abin da aka gaya maka yadda kuɗin ke ƙaruwa ne kawai, ba a gaya maka abin da ke ciki kafin ta fara ba. Wataƙila asusun wayam yake, wataƙila kuma akwai kuɗin barka da sallah naira 3,000 a kwance. Amsar gaskiya ita ce naira 5,000 da abin da aka taras a ciki. Wannan abin da aka taras shi ne C.

Haka abin yake a lissafi. Difarenshiyeshan yana auna yadda abu ke canzawa, lambar da take tsaye kuwa ba ta canzawa, shi ya sa take zama sifiri. Ka ɗauki x², da x² + 7, da x² − 100. Dukkansu idan ka yi musu difarenshiyeshan 2x za ka samu, domin 7 ɗin da 100 ɗin sun ɓace a hanya. To intigireshan komawa baya ne. Idan aka ba ka ∫ 2x dx, tambayar ita ce, daga ina 2x ya fito? Wanda ya rubuta x² kaɗai ya ce daga wuri ɗaya ya fito, alhali wuraren ba su ƙirguwa. Wanda ya rubuta x² + C ya ambace su duka a layi ɗaya. Kuma da gaske duka ne, babu wanda ya saura a waje, saboda idan abubuwa biyu suna canzawa iri ɗaya a ko'ina a kan tazara guda, ratar da ke tsakaninsu ba za ta taɓa motsi ba, wato lamba ce tsayayya. Idan ka zana su a takardar giraf za ka ga lanƙwasa iri ɗaya, an dai ɗaga wata sama, an sauke wata ƙasa.

Akwai ƙaramin misali da muke son bai wa masu musu. Ka ba mutum biyu ∫ 2(x + 1) dx. Na farko ya buɗe baka ya samu x² + 2x. Na biyu ya ɗauki x + 1 a dunƙule ya samu (x + 1)², wanda idan aka warware shi ne x² + 2x + 1. Hanyoyin biyu daidai suke, amma amsoshin sun bambanta da 1. Idan babu C, dole ɗaya ya zama maƙaryaci, ko kuma mu yarda cewa 0 daidai yake da 1. Idan akwai C, babu rigima, wannan 1 ɗin ya shige cikin C ɗin na farkon. Wannan yana da amfani har a tambayoyin zaɓi irin na JAMB: amsarka na iya bambanta da abin da ke cikin zaɓin da lamba tsayayya kawai, kuma ba ka yi kuskure ba.

Daga ina sakacin yake samo asali? Mun lura yawanci daga intigireshan mai iyaka ne, wanda ake rubuta lamba a sama da ƙasan alamar. A can, idan za ka auna 2x daga 1 zuwa 3, za ka samu (9 + C) − (1 + C), C ya kashe C, saura 8. Tunda kullum haka yake faɗuwa, ba a wahalar da kai wajen rubuta shi, kuma babu mai zare maki a kan haka. Sai ɗalibi ya saba, ya ɗauka harafin ado ne a ko'ina. Bambancin shi ne mai iyaka lamba ɗaya yake nema, marar iyaka kuwa dangi guda yake nema.

Game da makin kansa, masu duba takardun lissafi irin na WAEC suna raba maki ne mataki-mataki. Akwai makin hanya, wanda ake bayarwa don ka bi tsarin da ya dace, akwai kuma makin daidaiton amsa. Idan tambayar ta tsaya a kan intigireshan marar iyaka, wanda ya manta C ya nuna ya san hanya, amma amsarsa ba cikakkiya ba ce, don haka makin amsar ne ke cikin haɗari. A irin wannan wurin, mu ma muna ganin malamin da zai soke tambaya sukutum saboda harafi ɗaya ya wuce gona da iri. Maki ɗaya ya isa jan kunne. Sai dai ba duk tambaya ce ke tsayawa a nan ba, kuma inda ta ci gaba, asarar ba ta maki ɗaya ba ce.

Ga irin tambayar da muke nufi. Mota tana tafiya da gudun mita 20 a sakan, wato kilomita 72 a awa. Direba ya taka birki, gudun yana raguwa da mita 5 a sakan a cikin kowane sakan. Yaushe za ta tsaya, kuma mita nawa za ta ci kafin ta tsaya?

Abin da aka ba mu shi ne dv/dt = −5, inda v yake gudu, t kuma lokaci tun daga taka birki. Intigireshan ya ba mu v = −5t + C. Yanzu sai mu koma cikin tambayar mu nemo C: a lokacin da t = 0, gudun 20 ne, saboda haka C = 20, kuma v = 20 − 5t. Motar za ta tsaya idan v = 0, wato bayan sakan 4. Don samun nisa sai mu sake intigireshan, mu samu s = 20t − 2.5t² + D. Lura da cewa mun canza harafi, domin wannan sabuwar lamba ce, ba ta farkon ba. Tunda daga inda aka taka birki muke fara awo, D = 0. Idan muka sa t = 4, muna da 80 − 40, wato mita 40.

To ka dubi takardar wanda ya bar C a layin farko. Shi v = −5t ya rubuta. Ma'anar wannan ita ce a lokacin da aka taka birki motar a tsaye take, sannan ta fara tafiya da baya, gudun ribas ɗin yana ƙaruwa. Idan ya nemi lokacin tsayawa, t = 0 zai samu. Idan ma ya tsinci sakan 4 ta wata hanya, nisan da zai fito masa −40 ne, domin 20t ɗin nan gaba ɗaya babu shi a lissafinsa. Abin lura a nan shi ne C ɗin da aka bari a mataki na farko ba ya zama lamba tsayayya har abada. Da aka sake intigireshan sai ya zama Ct, yana girma da lokaci. Kuma mun ga masu share alamar ragi a gaban 40 don amsar ta yi kyau, su dace da lambar da ake nema bisa tsautsayi. Mai duba takarda layi-layi yake bi, ba zai ba da maki a kan amsar da aikin da ke samanta bai haife ta ba.

Hanyar gane wannan kuskure tun kana ɗakin jarrabawa ba ta da wuya. Ka sa t = 0 a cikin abin da ka samu, ka ga ko ya ba ka abin da tambaya ta ce an fara da shi. Sannan ka duba ko akwai lambar da aka ba ka wadda ba ka taɓa ba. Idan an ce "gudun farko 20 ne", ko "layin ya bi ta (1, 4)", kuma ka gama ba ka yi amfani da shi ba, kusan kullum wurin C ne ka tsallake. Don shi aka sa wannan bayanin.

Akwai kuma masu dabarar da suka ji an ce ana zare maki, sai suka koyi manna + C a layin ƙarshe ko da me aka yi a sama. A tambaya mai sauƙi dabarar tana ci. Amma ka gwada ta a kan dy/dx = y, tare da y = 3 idan x = 0. Ana raba ɓangarorin a samu ln y = x + C, kuma a nan ne C yake shigowa, a daidai layin da alamar intigireshan ta ɓace. Idan aka cire ln, C ya hau sama tare da x, sai ya sauko a matsayin abin ninkawa: y = Ae^x, kuma sharaɗin ya ba mu A = 3. Mai mannawa a ƙarshe kuwa ln y = x zai rubuta, ya samu y = e^x, sannan ya ƙara + C, ya ƙare da y = e^x + 2. Idan x = 0 duka biyun 3 suke bayarwa, don haka gwajin da muka ambata ɗazu ba zai kama shi ba. Amma idan x = 1, amsar gaskiya kusan 8.15 ce, tasa kuma kusan 4.72. Abin da zai tona shi shi ne mayar da amsar cikin tambayar: difarenshiyeshan na e^x + 2 shi ne e^x, wanda ba daidai yake da y ɗinsa ba, alhali na 3e^x shi ne 3e^x, kamar yadda aka nema. Ya rubuta C, amma a wurin da ba nasa ba, kuma daga layin ln y zuwa ƙasa babu makin amsa da zai tsira.